Kason ɗan uwanku da ba ya nan, don Allah ku bar taɓa shi

Jama'a assalamu alaikum. Samari 'yan uwana da ku nake, musamman ku manyan ɗaki da ake danƙa wa komai in mahaifi ya rasu. Maganar kason magajin da baya nan ranar rabo ce, abin ya daɗe yana ci min rai saboda a gidanmu ya faru, ba labari aka bani ba.

Lokacin da baffana ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza uku mata biyu, iyayensa duk sun riga shi. Bayan an yi masa sutura an biya bashi, abin da ya rage naira miliyan 9 da dubu 600. Ɗaya daga cikin mazan ya tafi Libya ta Agadez, shekara biyu kenan layinsa baya shiga, ba wanda zai ce maka yana raye ko ya mutu. Malamin da ya zo rabo yayi lissafi kashi biyu. Matar ta ɗau tumuninta miliyan 1 da dubu 200, wannan baya canzawa ko yana raye ko baya raye. Saura miliyan 8 da dubu 400. In yana raye kaso 8 za a yi, namiji ya samu miliyan 2 da dubu 100, mace miliyan 1 da dubu 50. In kuma ya riga baffa rasuwa kaso 6 ne, namiji miliyan 2 da dubu 800, mace miliyan 1 da dubu 400. Sai malam ya ba kowa mafi ƙaranci, yace miliyan 2 da dubu 100 ɗin nan a ajiye, ba na kowa bane a cikinku har sai labari ya tabbata.

To ku lura da dalilin, don a nan mutane suke ruɗewa. In ya dawo, kuɗinsa ne. In ta tabbata ya mutu amma bayan rasuwar baffa, kuɗin sun zama nasa kenan, sai su tafi ga nasa magadan, mahaifiyarsa da matarsa da 'ya'yansa. In kuma ya riga baffa rasuwa to bai ci gadon ba sam, kuɗin su koma wa 'yan uwansa, maza dubu 700 kowanne mata dubu 350 kowacce. Kun ga kuɗi ɗaya ne amma mutum kashi uku zasu iya zama masu shi, to da izinin wa kai zaka taɓa?

Kuma kada wani yace ai ya shekara huɗu mu rabe. Shekara huɗun nan da kuke ji a mazhabar Malikiyya maganar matarsa ce, alƙali ne yake yanka mata su bayan an yi cigiya an rasa, sannan tayi takaba. Dukiya daban take, ana jira ne sai ya kai shekarun da irinsa basa wucewa, wanda aka fi sani shekara 70 daga haihuwarsa, sai dai in hujjar mutuwarsa ta zo kafin nan. Kuma alƙali ne mai yanke wannan hukuncin, ba taron dangi a zaure ba.

Kuskuren da muka yi shine ajiyar. Aka miƙa wa babban yayansu kuɗin a leda baƙa gaban dattawa, aka yi fatiha aka tashi, ko takarda ɗaya ba a rubuta ba wai ai duk gida ne. Wallahi mutumin kirki ne, ba ɓarawo bane. Ya zuba su a asusunsa na banki wanda yake harkar shago dashi, yau a cire na kaya gobe na asibiti, da kaka yace bari ya sayi masara ya ajiye don kuɗin ƙaninsa su haihu. Farashi ya faɗi, ƙwari suka ci wani ɓangare. Da yaron ya kira waya daga baya yana neman kuɗin da zai dawo gida, dubu 400 kawai aka iya haɗawa. Ina tsaye a wurin innarsu ta riƙe wayar hannu bibbiyu tana kuka, yayan ya sunkuyar da kai ya kasa cewa komai.

Hukuncin amana a fili yake. In ka ajiye ta yadda ake ajiye irinta ta salwanta ba da sakacinka ba, gobara ko fashi, babu biya a kanka. Amma daga ranar da ka sa hannu ka juya ta, ta zama bashi a wuyanka, asara taka ce kai kaɗai. Malamanmu sun ce ko mai hali ne makaruhi ne ya ranci kuɗin ajiya, wanda bashi da abin biya kuwa haramun ne gareshi. Kyakkyawar niyya bata sauke maka ko sisi.

Abin da zan ce kuyi, in da hali ku kai rabon kotun shari'a, alƙali ya ware kason ya faɗi inda za a ajiye ko ya naɗa wanda zai riƙe, ku karɓi rasit da kwafin hukunci. In a gida kuka raba, a rubuta takarda ranar, sunan mai kason, nawa ne, a hannun wa yake, shaidu biyu su sa hannu, kowane magaji ya ɗau hotonta a wayarsa. A buɗe asusu daban wanda sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi zasu fita, kar a haɗa da na shago. Kai mai riƙon kuma ka gaya wa matarka da 'ya'yanka cewa kuɗin nan ba naka bane, don in ka faɗi ka mutu kar su shiga cikin naka gadon.

Sannan in akwai gona ko fili cikin dukiyar, ni shawarata a fitar masa da kasonsa a ƙasa ba a kuɗi ba. Kowa ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, miliyan biyun da aka ajiye ta zama kamar rabinta ma bata kai ba. A kafa iyaka gaban mai unguwa, in an bada hayar gonar a rubuta abin da ya shigo duk shekara, nasa ne.

Sai wanda yana nan amma yayi fushi yaƙi karɓa. Wannan shi aka fi cuta, yana cewa "ku riƙe kayanku bana so" sai kaji washegari an rabe. Gado ba sai ka amsa yake zama naka ba, daga numfashin mamaci na ƙarshe ya shiga mulkinka, in ma ya mutu bai karɓa ba magadansa ne zasu ɗauka. Yawanci kuma ba kuɗin yake ƙi ba, rabon ne yake ganin an zalunce shi, to ku tura masa kawu ko limamin unguwa yaji kokensa, in ya kama a je gaban alƙali a sake duba lissafin. In da gaske kyauta yake son yi, ya faɗi wa ya ba da bakinsa gaban shaidu bayan ya huce, a rubuta, wanda aka ba ya karɓa a hannu.

Yayan nan namu har yau yana biya, dubu 50 duk wata, kuma a wannan karon akwai littafi a hannun innarsu da ake rubuta kowane biya a ciki.