Ba wadda ta kai ƙara ce ta rusa gidan ba

Makon jiya aka buga wa wani gidan gado a unguwarmu, cikin birnin Kano, jan fenti cewa na sayarwa ne bisa umarnin kotu. Tun daga ranar babu majalisar da na zauna ban ji ana tsine wa matar da ta kai ƙarar ba. Ta tona wa ubanta asiri, in ji su, ta watsa zumunci saboda abin duniya. Wani dattijo ya ce da ni a ƙofar masallaci, "Malam, gidan gado ai ba a sayar da shi." Wannan maganar ce ta dame ni, domin na san gidan, na kuma san ba gaskiya ba ce.

Maigidan ya rasu tun 2009. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza uku da mata huɗu. Babban wa ya ci gaba da zama a sashen mahaifin, ya fasa soron waje ya fitar da shaguna biyu, yana karɓar haya. Ƙannensa mata suna gidajen aurensu, in sun zo gaida Hajiya a ba su tuwo a raka su bakin lungu. Ɗayarsu mijinta ya rasu, tana haya da marayu biyar a Kurna. Sau uku tana aika kawunsu ya roƙi Yaya a fitar mata da nata, amsar ba ta canzawa: a bari sai bayan ran tsohuwa. Da ta gaji ta tafi kotun shari'ar Musulunci aka kawo sammaci.

Masu zaginta su buɗe Suratun Nisa'i, aya ta 7. Allah ya ce maza suna da rabo, mata suna da rabo, daga abin da iyaye suka bari, kaɗan ne ko mai yawa, rabo yankakke. Babu inda aka ce sai babban wa ya ga dama. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Kano tun kaka da kakanni, ta yanke zancen: abin da zai rabu ba tare da cutarwa ba, a raba shi, abin da ba zai rabu ba sai da cutarwa, duk wanda ya nemi a sayar, a tilasta wa wanda ya ƙi. Magaji ɗaya ya isa. Ba a ƙidayar hannu a ce mutum bakwai sun ƙi, don haka ta takwas ta haƙura.

Mu yi lissafin. Masu ƙima sun yi wa gidan kuɗi naira miliyan 40. Tumunin Hajiya miliyan 5. Saura miliyan 35, a kasa kashi goma, tunda namiji yana da rabon mata biyu: kowane namiji miliyan 7, kowace mace miliyan 3 da rabi. Yanzu a gaya mini yadda za a yanka wa mace ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na gidan cikin birni mai ƙofa ɗaya, rijiya ɗaya, banɗaki ɗaya. Abin da zai faɗo mata bai kai ɗaki da hanyar shiga ba. Wannan ita ce cutarwar da malamai suke nufi. Idan kuma aka ce ta sayar da kasonta ita kaɗai, wane baƙo ne zai sayi yanki maras iyaka a gidan da wasu suke kwance a ciki? Sai dai dillali ya taya da rabin kuɗi. Shi ya sa alƙali ya ce a sayar da gidan gaba ɗaya a raba kuɗin.

Abin da masu tsinuwa ba sa faɗa shi ne, hukuncin bai kori kowa ba tukuna. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ba ya son a sayar yana da damar riƙe gidan a kan kuɗin da ya tsaya, ya biya sauran nasu. Idan ma wani magaji ya sayar wa bare kasonsa kafin a raba, sauran suna da shufu'a, wato su biya abin da baren ya biya su karɓe. Yaya bai ma buƙatar miliyan 40. Idan sauran sun yarda su ci gaba da tarayya, miliyan 3 da rabi ce kawai tsakaninsa da zaman lafiya, kuma hayar shagunan da ya daɗe yana ci shi kaɗai, alhali kowa yana da haƙƙi a cikinta, da ta rage masa hanya. Bai biya ba. Da aka zo ƙima ma so ya yi a karya kuɗin gidan don ya fanshe shi da araha, sai da kotu ta sa aka sake tayawa. Mutumin da ya yi wannan shi ake kira mai riƙon zumunci, ita kuwa mai marayu ita ce maras kunya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Za a ce to ina za a kai tsohuwa? Tsohuwa mai miliyan 5 da 'ya'ya maza a raye ba ta rasa wurin kwana ba, sai dai in 'ya'yan ne suka rasa tausayi, kuma na gaji da ganin ana fakewa da zanin uwa don a danne 'yarta.

Jinkirin nan da muke yi wa kallon ladabi shi ne ainihin ɓarnar. A gidan nan, ɗaya daga cikin mazan ya rasu a 2018 ba a raba ba. Miliyan bakwai ɗinsa ta zama wani sabon gado: matarsa tana da tumuni, Hajiya tana da sudusi, ragowar na 'ya'yansa shida, wasunsu ƙanana. Abin da malaman gado suke kira munasaha ke nan. Magada takwas da suka tashi ɗaki ɗaya sun koma goma sha huɗu, har da waɗanda ba su san kakan ba. Da zarar dukiyar maraya ta shiga ciki kuwa, babu mai ikon yafe ta a madadinsa don a faranta wa Yaya rai. Ku zaga Yakasai, Mandawari ko Gwammaja ku ga gidajen ƙasa da damina ta cinye, babu mai gyarawa, domin ba wanda zai zuba siminti a abin da bai san iyakar nasa ba.

Laifinmu ne mu mazauna unguwa. Mun koya wa mata barin halak don kunya, har ta kai in mace ta ce a ba ta gadonta sai ta fara da ba da haƙuri. Masu unguwanni da limamai da suke cika gida ranar sadakar uku, me zai hana su dawo bayan matar mamacin ta fita takaba su ce a kawo takardu a yi ƙima? Hisba da take sulhun aure kullum, ta matsa a wannan ma. Kotuna kuma su daina barin ƙimar gida a hannun dillali ɗaya da wani ɓangare ya kawo.

Jiya na ga matar ta zo gaida Hajiya. Matan gidan ba su amsa sallamarta ba. Ta ajiye ledar lemon da ta kawo a bakin ɗaki, ta durƙusa ta gaida uwarta, ta fito.