"Baba, ai an riga an amince": yadda lambarka ke yawo a hannun masu talla

Wani dattijo da ya yi ritaya daga koyarwa, mai amfani da ƙaramar waya rakani-kashi wadda ko intanet ba ta hawa, an kira shi ana gab da sallar Magariba. Yarinyar da ta kira ta ambaci cikakken sunansa, har da laƙabin da 'ya'yan 'yan'uwansa kaɗai ke kiransa da shi, sannan ta yi masa albishir wai ya cancanci bashin naira dubu 50 ba tare da jingina ba.

Ya ce, "'Yata, a ina kuka samu lambata?"

Ta ce, "Tana cikin na'urarmu, Baba."

"To wa ya sa ta a ciki?"

"Baba, ai an riga an amince da sharuɗɗanmu."

"Wa ya amince? Ni ban taɓa jin sunanku ba."

Sai ta ja tsaki a hankali, ta ce, "Baba, in ba ka so ka ce ba ka so, akwai mutane a layi." Ya roƙe ta ta goge lambar, ta ce wannan ba sashenta ba ne, ya aika saƙon imel. Ƙit ta kashe. Madalla da wannan tarbiyya! An shigo wa mutum gida babu sallama, ya tambayi wa ya buɗe ƙofa, an ce yana ɓata wa baƙo lokaci.

Wannan laƙabin shi ya tona asirin. Ba a rubuta laƙabin gida a takardar banki ko ta rajistar layi, a wayar ɗan'uwa ake samunsa. Wani yaro a dangi ya sauke manhajar bashi, ta nemi izinin Contacts, ya danna Allow saboda yana sauri ya ga kuɗi. Cikin daƙiƙoƙi manhajar ta kwashe duk lambobin wayarsa, da sunayen yadda ya rubuta su, ta tura rumbun kamfanin. Idan lambobi 400 ne a wayar, mutum ɗaya ne ya danna, sauran kuwa ba wanda ya ji ta bakinsu. Wannan ita ce amincewar da yarinyar ke taƙama da ita.

Kira ma shi ne mai sauƙin, domin aƙalla ka ji murya ka san an taɓa ka. Ɓangaren da ba ka gani ya fi yawa. Mai talla zai ɗauki jerin lambobin nan, ya mayar da kowace zuwa tsarin 234, a murɗa ta da lissafin SHA-256 ta koma dogon jerin haruffa da alƙaluma, ya ɗora a dandalin talla ƙarƙashin abin da Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ke kira Custom Audience. Dandalin zai murɗa lambobin masu amfani da shi ta hanya iri ɗaya, duk inda biyu suka dace an gano ka, sai tallar ta bi ka Facebook da Instagram. Daga nan zai iya neman Lookalike, wato a zaƙulo masa wasu masu kama da ku a ɗabi'a. Kamfanoni na cewa tunda an murɗa lambar ba a fallasa kowa ba. Wannan magana rabinta ce gaskiya. Lambar Nijeriya alƙaluma 10 ce bayan 234, don haka duka-duka ba za su wuce biliyan 10 ba, kuma kwamfuta mai ƙarfi ba ta jimawa take murɗa su kaf ta gwada ta ga wacce ta dace. Banda haka, manufar murɗawar tun farko ai a gane ka ne.

A yi wa masu talla adalci, suna da hujja. Kuɗin talla ne ke riƙe da dandalin da muke hira da ciniki a kai ba mu biya ko sisi ba. Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ke da 'yan dubbai na talla ba ta iya sayen fili a talabijin, amma tana iya cewa a nuna hajarta ga mata a Kano da Kaduna kaɗai, kuma ta ga ciniki. Kamfanin bashi ma zai ce yana ba wanda banki ba ya kallo, ba jingina, dole ya nemi abin da zai auna mutum da shi. Idan mai atamfa ta aika wa wadda ta taɓa saye a wurinta saƙon sabon kaya, kuma ta daina in an ce ta daina, ban ga laifinta ba. Inda hujjar ta karye shi ne wajen mutumin da bai sayi komai ba, bai ci bashi ba, bai danna komai ba. Ɗan'uwanka ba shi da ikon bayar da yardarka, kamar yadda ba zai jinginar da gonarka don ya san inda take ba.

Abin haushin shi ne doka ma ta san da haka. Dokar kare bayanai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ce shiru ba amincewa ba ne, ta ba ka damar tambayar inda aka samo bayananka, ta kuma ce in ka ƙi a yi maka talla da su dole a daina. Tarar manyan kamfanoni na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. An kuma taɓa cizo: a 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 kan aika wa mutanen da ke wayar masu bashi saƙonni, a Yulin 2024 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta yanka wa Meta dala miliyan 220. Google da kansa ya hana manhajojin bashi taɓa lambobi da hotuna tun ƙarshen Mayun 2023. To amma dokar Google iyakarta Play Store, mu kuwa ta Xender da WhatsApp muke tura wa juna manhaja, inda ba mai duba ta.

Mai babbar waya ta Android ya shiga Settings ya nemi Permission manager, ya buɗe Contacts ya ƙwace izinin duk manhajar da ba ta kira ko saƙo ba, ya kuma nemi Ads ya danna Delete advertising ID. Wannan zai tare na gaba ne kawai, abin da aka riga aka kwashe ba ya dawowa ko ka goge manhajar. Tura STOP zuwa 2442 na rage saƙonnin talla da ke biyowa ta kamfanin layi, amma ba ya hana wata yarinya ɗaukar layi irin naka ta kira ka.

Saura ƙara wajen hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Sai ka san sunan kamfanin, ka adana lambar da ta kira da rana da lokaci, ka zauna ka rubuta koke, ka jira. Manomi a Gumel ko mai ƙosai a Funtuwa su za su yi wannan? Gwamnatin da ke mana wa'azin taka-tsantsan ita ce ta tsayar da mu layi cikin rana, ta ce ko mu haɗa layukanmu da NIN ko a toshe su. Muka bayar da yatsu goma da hoto da adireshi. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na 'yan ƙasa a kan naira 100, har ta ce ta sayi na ministan sadarwa Bosun Tijani don ta nuna ba zance ba ne. In na minista ya tafi a naira 100, ina so hukuma ta fito ta faɗa mana ta wace kafa bayanan suka fita, mutum nawa abin ya shafa, kuma wane jami'i ne ya rasa kujerarsa a kai.