Kafin a ce tuwon makaranta ne ya cika azuzuwa

Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ciyar da ɗaliban firamare a 2016, wanda ya shafi 'yan aji ɗaya zuwa uku a kan naira 70 kowane kwano a lokacin, hujja ɗaya ake maimaita mana: bara yara kaza ne, bana sun ƙaru, saboda haka abinci ya yi aiki. Ina goyon bayan a ciyar da yara, amma wannan hujjar ba ta gamsar da ni. Tsakanin bara da bana ai ba tukunya kaɗai aka ɗora ba. An haifi yara, an ɗauki malamai, wani ƙauyen ya samu zaman lafiya.

Masana tattalin arziki suna da dabarar da suke kira bambancin bambance-bambance. Da ita David Card da Alan Krueger suka auna tasirin ƙarin mafi ƙarancin albashi a jihar New Jersey ta Amurka, a binciken da suka wallafa a 1994, suka kwatanta jihar da maƙwabciyarta Pennsylvania. Bari in ƙirƙiro misali. Mu ƙaddara a makarantun da ake ciyarwa, cikin kowane yara 100 da ke rajista, 60 ne ke zuwa kafin shirin, bayansa suka koma 72. An samu ƙarin 12, kuma a nan mai yabon gwamnati zai tsaya. Amma a makarantun da abinci bai je ba, masu zuwa sun tashi daga 55 zuwa 62, wato ƙarin 7 da ya zo ba tare da ko cokali ɗaya ba. Sai a cire: (72 − 60) − (62 − 55) = 5. Biyar ɗin nan kaɗai za a iya jingina wa abinci.

To amma lissafin ya dogara da wani zato: da ba a kawo abincin ba, da rukunan biyu sun ci gaba da tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ba dole su fara daga wuri ɗaya ba, abin da ake buƙata shi ne tazarar da ke tsakaninsu ta tsaya yadda take. Babu mai iya ganin abin da bai faru ba, don haka sai a waiwaya baya.

A ciro rajistar shekaru uku kafin shirin. Idan rukunin farko ya yi 54, 57, 60, na biyu kuma 49, 52, 55, tazarar biyar ce kowace shekara, hankali ya kwanta. Idan kuwa na farko ya yi 48, 54, 60, na biyu 53, 54, 55, magana ta canza. Makarantun da aka zaɓa dama can gudu suke yi. Yi gwajin ƙarya: ɗauka an fara ciyarwar shekara guda kafin lokacinta, ka sake lissafin. (60 − 54) − (55 − 54) = 5. Ka ga an samu "tasirin abinci" a shekarar da ba a dafa komai ba, kuma daidai girman wanda muke murna da shi. Hakan na faruwa cikin sauƙi, domin ba ƙuri'a ake jefawa wajen zaɓen makarantu ba. Waɗanda ke bakin titi, ko masu hedimasta mai kai-komo, su ke riga shiga. Shekara biyu kacal ba ta isa wannan bincike ba, kuma idan makarantun 'yan kaɗan ne, rashin ganin bambanci ba shaida ba ce cewa babu shi.

Ko alƙaluman baya sun jeru, da sauran rina a kaba. In ranar da aka kawo abinci aka raba yunifom kyauta a makarantun nan, lissafin ba zai raba maka na tuwo da na riga ba. In makarantar kwatanci tana unguwa ɗaya da mai abinci, yara za su sauya sheƙa, nan ya ƙaru can ya ragu, a ƙirga yaro ɗaya sau biyu alhali babu sabon da ya shigo boko. A zaɓi makarantun da ƙafar yaro ba za ta kai shi ɗaya daga ɗaya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne rajistar kanta. Idan kuɗi na bin yawan kawuna, biro ma ya san inda zai karkata, kuma sai a makarantun da ake ciyarwa kaɗai. Shi ya sa nake ganin duk jihar da za ta faɗaɗa shirin ta fara aika masu ƙirga kawuna ba sanarwa, a rukunan biyu, tun kafin tukunya ta hau wuta, a zango iri ɗaya, kar a gwama damina da rani. Kuma su riƙa zuwa bayan tara da rabi, lokacin da aka riga aka wanke kwanuka.