Kashi uku cikin ɗari: na wata ko na shekara?

Wani maƙwabcina da ke sayar da shadda a Kantin Kwari ya kawo mini takardar rance bayan sallar la'asar, ya ce: "Malam, duba mini wannan, lissafina da nasu ya ƙi haɗuwa." Naira miliyan biyu da dubu ɗari huɗu ya karɓa daga wani ƙaramin kamfanin ba da bashi, zai biya cikin wata 12. A shafin farko an rubuta 3% kawai, babu wata, babu shekara. A shafi na huɗu aka rubuta 3% p.m., wato duk wata. Can ƙarshe, a sakin da ke magana kan jinkirin biya, sai ga p.a., wato duk shekara. Takarda ɗaya, sa hannu ɗaya, amma harshe uku.

Ra'ayina shi ne, yarjejeniyar kuɗin da ta faɗi adadi ta hanya biyu ba ta kammala ba, kuma bai kamata kowa ya sa mata hannu ba sai an daidaita ta. Wannan ba tsirfar lauyoyi ba ce. Bari mu yi lissafin da muka yi da shi a kan tabarma.

Idan kashi ukun nan na shekara ne a kan uwar kuɗi, abin da zai ɗora a kai naira 72,000 ne, shi ke nan. Haka shi ya fahimta ranar da ya sa hannu. Idan kuwa na wata ne, sai wata tambayar ta taso: kashi uku na me? Akwai lissafin da ake yi a kan ragowar bashi. Yana biyan naira 200,000 daga uwar kuɗin duk wata, don haka a watan farko kuɗin ruwan 72,000 ne, a na biyu ya sauko 66,000, a na uku 60,000, haka yake ta raguwa da dubu shida-shida har ya kai 6,000 a watan ƙarshe. In ka tara duka, 468,000 ne. Akwai kuma wanda ma'aikatan banki ke kira filat, inda ake lissafawa a kan asalin kuɗin da aka karɓa tun daga farko har ƙarshe, kamar ba ka taɓa biyan ko kwabo ba. A nan 72,000 ne duk wata har sau 12, jimilla 864,000.

To ka gani, 3% guda ta haifi 72,000, ta haifi 468,000, ta haifi 864,000. Shi kamfanin lissafin ƙarshen yake nufi, kuma jadawalin biyan da ya nuna haka sai bayan an tura kuɗin aka aiko masa. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce: "Wallahi da haka aka faɗa mini, da na haƙura da kayan sallar nan." Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ba a hana shi karatu ba, ya karanta. Takardar ce ba ta tsaya kan magana ɗaya ba.

Na san mai karatu zai ce, ai maganin wannan shi ne a guji bashi da ruwa gaba ɗaya, kuma da yawanmu a Kano a kan haka muke. Amma cinikin murabaha ma, wato a sayo kaya a sayar maka da riba ka biya daga baya, bai tsira ba in rubutun ya yi sako-sako. Sharaɗinsa shi ne a san kuɗin da aka sayi kaya, a san ribar da aka ɗora, farashi ya tsaya cak tun ranar ƙulla ciniki. In takarda ta ce riba kashi 15 cikin ɗari ba ta faɗi naira nawa ba ne, ba ta faɗi ko na tsawon cinikin ne ko na kowace shekara ba, to an bar farashi a duhu. In kuma ka ga shafi ɗaya yana cewa ribar ciniki, wani yana cewa kuɗin ruwa, alama ce an kwafo tsohuwar takardar bashi an yi mata kwaskwarima, kuma dole ka tambaya wanne ne zai yi aiki ranar da aka saɓa. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, umarni ce a rubuta bashi, mai rubutun kuma ya rubuta da adalci. Ban ga adalci a rubutun da kowane ɓangare zai karanta ya fito da nasa adadin ba.

Sunan kuɗin kansa ma tarko ne a garin da ke ciniki da Maraɗi da Damagaram kullum. Ka ce "dala" a Wapa, dalar Amurka za a miƙo maka. A bakin Bahaushen Nijar kuwa, dala sefa biyar ce. "Jaka" a wurinsa sefa dubu ce, a wurin dattawanmu kuma fam ɗari, wato naira 200, tun da fam ɗaya ya koma naira biyu a 1973. A rubuce ma haka: wani ya sa ₦, wani N, wani NGN, wani ya buga # don ita ce ta fi kusa a wayarsa. Harafin k ya fi su haɗari, domin a takardun banki kwabo yake nufi, a saƙon waya kuma dubu. Wanda ya rubuta 50k a yarjejeniya ya bar wa alƙali aiki. Haka buhu yake a Dawanau in ba a faɗi kilo nawa ba.

Masu rubuta irin waɗannan takardu sukan ce ai jadawali ya fayyace komai, sauran kuskuren buga rubutu ne. Wani lokacin gaskiya ne, ba kowane saɓani ne mugunta ba. Sai dai kuskuren yakan kwanta ne a kan wanda bai rubuta takardar ba. Kuma akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba: a dokar cek, in adadin da aka rubuta da kalmomi ya saɓa da na lambobi, kalmomin ake bi. Mu kuwa idonmu kan lambobi yake sauka, mu tsallake dogon rubutun da ke gefensu.

Gyaran ba shi da wuya. A zaɓi alamar kuɗi ɗaya a farkon takarda, a ce duk inda aka gan ta nairar Najeriya ake nufi, kada a sake ta. Duk inda kashi cikin ɗari ya fito, ya zo da amsar tambayoyi biyu, na wane kuɗi da kuma na wane tsawon lokaci, da lafazi iri ɗaya a kowane shafi. Tarar jinkiri ma haka: kashi ɗaya na kuɗin watan da aka makara naira 2,000 ne a kan 200,000, na dukan uwar kuɗin kuwa 24,000. Sannan a rubuta jimillar abin da za a biya da naira, lamba da kalmomi, a liƙa jadawalin kafin sa hannu, a kuma faɗi wanda za a bi in jadawali ya saɓa da jikin takarda.

Maƙwabcina ya koma musu da shafukan nan uku, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin kowace 3%. Har yanzu suna kan magana, shi kuma yana ci gaba da biyan 272,000 duk wata don kada tara ta hau kansa.