Alhaji Ya Ce A Gyara

Wani shagon buga fasta ne a Zoo Road, an ɗauke wuta, janareta na ta ƙugi.

Ɗanliti: Oga, Alhajin Kwari ya turo fastar buɗe sabon shagonsa ta WhatsApp, a ƙasa ya rubuta "a gyara dizayin". Shi ke nan fa, ko sallama babu.

Oga: To ta ina za ka fara?

Ɗanliti: Kala mana, in zuba mata ja da ruwan gwal ta haɗu.

Oga: Kai kullum kala, sai ka ce a marinar Ƙofar Mata aka yanke maka cibiya. Karanto min rubutun tukuna.

Ɗanliti: "Ranar Asabar 14 ga wata, shadda da atamfa cikin sau..." Oga wani ɗan akwati ne a tsakiyar sauƙi.

Oga: Salon rubutun da aka zaɓa ba shi da ƙ mai lanƙwasa, sai a canja shi. Duba kalanda kuma.

Ɗanliti: Kai! 14 ai Lahadi ce.

Oga: Ka gani? Da ka sha wahalar kala mun buga kwafi 500, mutane su je Asabar su tarar da kwaɗo a ƙofa, kuma wallahi mu zai ɗora wa laifin. Yanzu ƙanƙance ta a CorelDRAW ta koma kamar kwalin ashana, me idonka ya fara gani?

Ɗanliti: Alhaji.

Oga: Sai me?

Ɗanliti: Hular Alhaji.

Oga: Rana da layin da shagon yake fa?

Ɗanliti: Sun ɓace.

Oga: To ciwon ke nan. Wanda ke wucewa a adaidaita ba tsayawa zai yi ba, sunan shago ya fi komai girma, rana da wuri su biyo, lambar waya ta zo ta uku, Alhaji kuma ya ɗan matsa gefe. In ka gama wannan sai ka jera su a layi ɗaya, ka janyo lambar nan daga baki kafin injin yanka ya cinye mata biyun ƙarshe.

Ɗanliti: Kalar fa Oga?

Oga: Ita ce ƙarshe. Rubutu ruwan ɗorawa a kan fari ko mai gilashi ba ya karantawa, mai da shi baƙi. Amma kira shi mu ji ranar, kar mu yi masa duba.

(Waya na ringin)

Oga: Ranka ya daɗe, Asabar ce ko Lahadi? Mun kuma ga rubutun ya...

Alhaji: A'a a'a, kar ku taɓa min rubutu, ɗana ne ya yi, yana jami'a. Ni hoton nan ne na ga ya yi ƙanƙanta, a ƙara shi.

Oga: Alhaji ai ya cinye rabin takardar.

Alhaji: To ɗaya rabin wa kuke ajiye wa?