Kafin ka biya kuɗin koyon sola, je ka zauna da mutum biyar da ke hawa rufi

A Kaduna yanzu kusan duk matashin da ya gama bautar ƙasa, ko ya gaji da jiran aikin gwamnati, za ka ji yana cewa sola zai koya. Dalilinsa bai wuce ya ga wani ɗan unguwarsu ya sayi mashin ko mota da aikin ba. Sai ya haɗa kuɗin da ya tara, wani lokaci har da na adashen mahaifiyarsa, ya kai wa wata cibiyar horaswa, alhali bai taɓa zama na minti 20 da mai yin aikin ba. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin binciken da zai raba masa gardama bai fi ƙarfin kuɗin Keke Napep da katin waya ba.

A ganina mutum biyar ya kamata ya nema, kuma kada su zama iri ɗaya. Biyu su kasance masu zaman kansu da suka shekara uku zuwa biyar suna haɗa sola. Ɗaya yaron gida wanda har yanzu yana ƙarƙashin oga, ɗaya kuma mai shagon fanel da batir, domin shi ya san wane mai haɗawa ne ke dawowa sayayya, wane ne ya ɓace da bashi. Na biyar shi ne ya fi wahalar samu, shi ne kuma ya fi amfani: wanda ya yi aikin ya bari. Mai cibiyar horaswa ba ya cikin lissafin nan. Ko da mai gaskiya ne, abincinsa yana cikin ka yi rajista.

Kada ka faɗa wa mutum a wurin aikinsa ba sallama ba sanayya. Mai sana'a da bai san ka ba zai ɗauka aiki ka zo roƙo, ko kuwa kishiya ce ta zo leƙen asiri. Nemi wanda zai haɗa ku, ko ɗan'uwan da aka yi wa aiki a gidansa, ko wani a masallacinku. Idan za ka kira, fito da maganar a fili: "Injiniya, barka da aiki. Malam Wane ne ya ba ni lambarka. Ina tunanin koyon aikin sola, amma ban biya ko'ina ba tukuna. Ba aiki nake nema ba, tambayoyi ne da ni, minti 20 sun isa, duk lokacin da ka ga dama." Wannan "ba aiki nake nema ba" ita ce ke sa ya saki jiki, saboda haka kada a tsakiyar zance ka zaro takardunka. Safiya ba lokacinsu ba ne, suna hanyar zuwa wurin aiki ko suna ɗaukar kaya. Bayan La'asar ya fi. In ka zauna a Rigasa, gara ka nemi masu aiki a Barnawa ko Malali, domin wanda ba ya tsoron za ka raba masa kwastoma ya fi buɗe baki.

Inda akasarin mutane ke yin asarar wannan zama shi ne wurin tambaya. Ka tambayi Bahaushe "Yaya sana'ar, akwai samu?" amsa ɗaya ce: "Alhamdulillah, akwai rufin asiri." Bai yi maka ƙarya ba, amma ba ka ƙaru da komai ba. In kuma dattijo ne, sai ya shiga yi maka nasiha a kan haƙuri da riƙon amana har lokaci ya ƙare. Dabarar ita ce ka bar tambayar ra'ayi, ka tambayi abin da ya faru. "Makon jiya kwana nawa ka fita aiki? A ciki nawa ne sabon haɗi, nawa ne komawa gyaran wanda ka riga ka yi? In ka koma ana biyan ka?" Mutum yana iya yi wa ra'ayinsa ado, amma da wuya ya ƙirƙiro ranar Talatar da ta wuce.

A irin wannan tambaya ne abubuwan da ba sa cikin talla ke fitowa. Za ka ji yadda kwanon rufi ke ƙuna a watan Maris da Afrilu, har sai an hau da sassafe. Za ka ji cewa da damina, in hadari ya rufe rana kwana biyu, batir ba ya cika, kwastoma kuma ba hadari zai zarga ba, kai zai kira. Da hunturu ƙura ta lulluɓe fanel, caji ya ragu, kiran ya sake dawowa. Za ka ji labarin gidan da aka lissafa wa fanka da fitilu da talabijin, bayan an tafi suka jona dutsen guga da hita, inbata ta riƙa ɗaukewa, aka ce aikin ne bai yi kyau ba. Wanda ba ya iya jure wayar mai gida da ƙarfe 11 na dare ya kamata ya san haka tun yanzu.

Maganar kuɗi kuwa, kada ka ce "Nawa kake samu a wata?" Rashin kara ne, kuma ba za ka ji gaskiya ba. Zagaya ta wajen aikin: a haɗi ɗaya na matsakaicin gida, nawa ne kuɗin aiki, yara nawa ake biya a ciki, wa ke biyan motar kaya? Ainihin samun yana cikin kuɗin aikin ne ko cikin ribar sayo kaya? In farashin batir ya tashi tsakanin ranar da aka ba kwastoma lissafi da ranar da ya turo kuɗi, wa ke cika giɓin? A cikin ayyuka biyar na baya, nawa aka biya cikon kuɗinsu? Shi kuma yaron gida, tambaye shi wata nawa ya yi yana ɗaukar tsani da jan waya kafin a bar shi ya haɗa batir da inbata da kansa, da abin da ake ba shi a rana. Amsarsa ita ce rayuwarka ta shekarar farko, ba ta ogan ba.

Kada ka ɗauki murya a waya, yana sa mutum ya kame. Da ka fito, rubuta abin da ka ji kafin ka hau mota, kuma kafin ku rabu ka ce, "Wa kuma kake ganin ya kamata in gani? Ka san wanda ya bari?" Ta nan ake samun na biyar ɗin. Shi ma ba za ka ce masa "Me ya sa ka kasa?" ba. Tambaye shi wane wata ne ya gane ba zai ci gaba ba, da abin da ya faru a watan.

Sai ka jera amsoshin. Abin da mutum ɗaya kaɗai ya faɗa, mai yiwuwa halinsa ne ko sa'arsa. Abin da uku suka maimaita ba tare da sun san juna ba, wannan halin sana'ar ne. A ce uku sun gaya maka cewa takardar shaidar horon wata uku ba ta taɓa kawo musu kwastoma ba, duk aikinsu daga bakin wanda aka yi wa ne yake zuwa. To ka ga kuɗinka ya fi dacewa da sayen mitar gwaji da na'urar huda bango da kuɗin motar zama a ƙarƙashin oga. In kuma burinka aiki a kamfani ne, kuma an ce maka can suna neman takarda, lissafin ya sauya.

Kafin ka yanke, roƙi ɗaya daga cikinsu ya bar ka ka bi shi aiki kwana biyu a matsayin ɗan ɗauko, ba biya, kuma ka tabbata ɗaya daga cikin ranakun ta komawa gyara ce. Bayan mako guda ka tura masa saƙon godiya, ka gaya masa abin da ka yanke, ko da fasawa ka yi.