Kafin Ka Kai Sunan Kayanka Shomolu, Ka Sa Bayarabe da Ibo Su Faɗe Shi

'Yan'uwana matasa masu neman na kai a Ikko, musamman ku da kuka fara zuba kilishi, yaji, dambun nama da zoɓo a leda ko roba mai ɗauke da suna, ina da magana da ku. Da yawanmu muna zaɓen sunan kaya ne kamar a Kantin Kwari za a sayar da su. Mutum zai zauna da abokansa a Agege ko Idi-Araba, duk Hausawa, a ce sunan ya yi daɗi, washegari sai Shomolu, wurin masu buga takarda. An manta cewa mafi yawan waɗanda za su ɗauki kayan nan a kan kanta Yarabawa ne da Ibo da masu jin Buroka, kuma kowannensu da kunnen harshensa zai ji sunan.

A ce wani ƙanenmu yana yin dambun nama, ya raɗa masa Baje, saboda baje koli. A wurinmu suna ne na kasuwa, gajere, mai sauƙin kamawa. To a Yarbanci akwai kalmar bàjẹ́, ma'anarta lalacewa. Idan abinci ya ruɓe ko ya yi tsami, Bayarabiya cewa take yi "ó ti bàjẹ́", wato ya lalace. Ɗigon da ke ƙarƙashin harafin ƙarshe da alamomin da ke sama su ne kawai suka raba rubutunsu da namu, kuma su kansu Yarabawa ba kasafai suke sa su a allon shago ko a waya ba. Ke nan matar da ta ɗauki ledar nan a Mushin, abin da idonta zai karanta a jikin nama shi ne lalatacce. Ba za ta yi maka bayani ba. Dariya za ta yi, ta nuna wa ta kusa da ita, ta ajiye. Kai kuma kana can kana zargin farashi ko ɗanɗano.

A ce ya gane, ya sauya zuwa Yawa, yana nufin auki da albarka. Nan kuma Buroka ce za ta tare shi, domin a bakin 'yan Legas yawa na nufin rigima da abin kunya. Idan asiri ya tonu ko al'amari ya dagule, "yawa don gas" suke cewa. Haka wayo: mu muna yaba yaro da cewa ya yi wayo, amma a Buroka wayo damfara ce zalla. Duk wanda ya sa wa shagon POS ɗinsa Wayo ya kori mutane da hannunsa. Irin waɗannan sun fi haɗari a ganina, domin kalmominmu ne na yau da kullum, ba abin da zai sa ka yi musu kallon tuhuma.

Wani kuma zai ce bari ya ɗauko kalmar Yarbanci don ya jawo 'yan gari. Niyyar mai kyau ce, amma a yi hattara da karin sauti. Yarbanci na da hawa uku na murya, sama da tsakiya da ƙasa, kuma sauya ɗaya na sauya ma'ana. Mai sayar da kayan gona zai ji cewa oko gona ce, ya rubuta a allo. Idan yaronsa ya ɗaga murya a gaɓar ƙarshe yana tallar kaya, ya ambaci al'aurar namiji a tsakiyar kasuwar Mile 12. A harshen Ibo ma haka ike take, da wani kari ƙarfi ce, da wani kuma mazaunai. Mu ma ba a bar mu a baya ba: kalmar da Bayarabe ke amfani da ita don yin rantsuwa, harafi da harafi, kalma ce da Bahaushe ba zai iya furtawa a gaban surukinsa ba. Kuma manyan kamfanoni ba su tsira ba. Motar Mitsubishi da muka sani da Pajero, Montero ake kiranta a yawancin ƙasashen da ke jin Sifaniyanci, saboda sunan farko batsa ne a can.

Ƙamus ba ya maganin wannan, binciken waya ma haka, domin zagi da ba'ar kan titi ba su cika shiga littafi ba. Mutane za ka nema. Ka tanadi sunaye uku ko huɗu, kada ka ƙwallafa rai a kan ɗaya. A kowane harshe ka samu aƙalla mutum uku da aka haifa a cikinsa: dattijo, mace 'yar kasuwa, da matashi irin kwandastan danfo ko ɗan acaɓa, don shi ne ya san sabuwar ma'anar da aka ɗora wa tsohuwar kalma.

Yadda za ka yi tambayar shi ne muhimmi. Kada ka ce "sunan kayana ke nan, ya yi kyau?" Maƙwabcinka na kasuwa ba zai so ya kashe maka gwiwa ba, idan ma batsa ce kunya za ta hana shi faɗa, musamman in ya girme ka. Ka fara faɗin sunan da baki, ba tare da ka ce naka ne ba, ka tambaye shi me ya ji. Sannan ka ba wani dabam a rubuce, babu ɗigo babu ƙugiya, ka ce ya karanta da ƙarfi. Nan za ka ji yadda ƙ da ɗ da ɓ ɗinmu ke narkewa: mai sunan Ƙasa zai koma Kasa, ko a kunnen Bahaushe ya zama gazawa. Daga ƙarshe ka ce masa, da abokin hamayyarka ne mai wannan suna, wace tsokana za ka yi masa? Wannan tambayar ce ke buɗe baki. Kuma ka kalli fuska fiye da yadda kake sauraron amsa. Idan mutum ya yi ɗan jim, ko ya dubi na kusa da shi yana danne murmushi, sunan ya faɗi ko da ya ce ba komai. Idan mutum ɗaya ne kawai ya ƙirƙiro ma'ana da ƙyar, sauran ba su gani ba sai da aka nuna musu, wannan ba abin damuwa ba ne.

Mafita mafi sauƙi ita ce kalmomin da muka yi tarayya da Yarabawa a kansu. Albarka suna da àlùbáríkà, lafiya suna da àlàáfíà, amfani suna da àǹfààní, duk da ma'ana ɗaya. Matsalarsu kawai an riga ka zuwa, don haka sai ka haɗa da wata kalma, ka sake gwada su a haɗe, domin a shafin Instagram manne su za a yi, kuma ƙarshen ta farko da farkon ta biyu na iya haifar da wata kalma ta uku.

Duk wannan a yi shi kafin a biya ko sisi. Hukumar CAC, mai rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, na duba ko sunan ya yi kama da na wani da aka riga aka yi wa rajista, da ko akwai kalmomin da doka ta taƙaita, amma kada ka sa ran ma'aikacinta zai zauna ya auna maka sunan a harsuna huɗu. Idan abinci ne ko abin sha, rajistar NAFDAC da sunan kayan take tafiya, kuma sukan nemi shaidar rajistar alamar kasuwanci. Sauya suna bayan nan yana nufin komawa wurinsu, da zubar da ledoji da kwalayen da aka buga, alhali masu buga leda ba sa karɓar aiki kaɗan, dubbai ake yi a lokaci guda. Gwajin kunne ne farko, sai CAC, sai alamar kasuwanci, sai NAFDAC, sannan a tafi Shomolu.